Motsin da ya ɓace shi ke nuna jijiyar da ta lalace

Akwai wata tambaya da ba ta rabuwa da jarrabawar ɗaliban likitanci da na aikin jinya, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko a makarantun Kano da Zariya. Sai a ce wani ya faɗi da babur, ƙashin damtsensa ya karye, yanzu ba ya iya ɗaga wuyan hannunsa; wace jijiya ce ta taɓu? Ko a ce wata ta wayi gari bakinta ya karkace, idonta ɗaya ba ya rufuwa. A ina ɓarnar take? Ɗalibai da yawa suna tarar irin wannan tambaya da hadda: sunan jijiya a hagu, alamarta a dama. Haddar tana cin maki matuƙar tambayar ta zo yadda aka saba. Da zarar mai tambaya ya sauya wurin raunin da ɗan taƙi kaɗan, sai jadawalin ya watse.

A ƙasar Madarunfa wannan tambaya ba ta tsaya a kan takarda ba. Babura na zirga-zirga a hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya dare da rana, yara na faɗowa daga bishiya, sanƙarau na zuwa da zafin bazara, ga kuma asibitin Danja, wanda mishan ɗin SIM ke kula da masu kuturta a cikinsa tun shekarun 1950. Ma'aikacin da ke ƙaramin asibitin karkara ba shi da na'urar auna wutar jijiya. Idonsa da hannunsa da tunaninsa su ne kayan aikinsa, kuma sun isa su kai shi ga amsa idan ya bi tsari. Jijiyar da ake nufi a nan ita ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka, ba ta jini ba, ba kuma agarar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba.

Tambayoyi huɗu a jere

Tsarin shi ne a fara daga abin da ido ya gani a koma baya. Tambaya ta farko: wane motsi ne takamaimai ya ɓace? Cewa "hannu ya mutu" ba bayani ba ne. Sai an tantance ko miƙe gwiwar hannu ne ya gagara, ko ɗaga wuyan hannu, ko ware yatsu. Ta biyu: wace tsoka ce ke yin wannan motsi? Ta uku: wace jijiya ce ke ba tsokar umarni? Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa, alhali tambaya ta huɗu ita ce mai raba gardama: a cikin sauran ayyukan wannan jijiya, wanne ne ya tsira?

Wanda ya san fadamar noman rani ta Jiratawa zai gane dalili nan take. Ruwa yana bin babbar hanya, yana rarrabuwa zuwa gonaki ɗaya bayan ɗaya. Idan gonakin farko sun jiƙe, na ƙarshe sun bushe, ba sai an tona hanyar gaba ɗaya ba: toshewar tana tsakanin gona ta ƙarshe da ta sha da gona ta farko da ta rasa. Haka jijiya take ba da rassanta bi da bi yayin da take gangarowa. Tsokar da reshenta ya fita kafin wurin rauni tana aiki, wadda reshenta ke ƙasa da raunin ta shanye. Saboda haka motsin da ya ɓace yana faɗin sunan jijiya, motsin da ya rage kuma yana faɗin wurin da aka ji mata ciwo.

Akwai ƙa'ida ta biyu da ke bayyana siffar da gaɓa ke ɗauka. Kusan kowace tsoka tana da abokiyar ja. Idan ɗaya ta shanye, ɗayar takan ja gaɓar zuwa ɓangarenta. Don haka idan ka ga ido ko baki ko yatsa ya karkata, abin da kake gani aikin tsoka mai lafiya ne da ta rasa mai taka mata birki. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddace siffofi, domin zai iya fitar da kowace da kansa.

Ido: jijiyoyi uku, tsoka shida

Jijiyoyi goma sha biyu ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, ana kiransu da lamba. Uku daga ciki ne ke juya ƙwayar ido: ta uku, ta huɗu da ta shida. Rabon aikinsu mai sauƙi ne. Ta shida tana da tsoka ɗaya tak, mai jan ido waje, wato wajen kunne. Ta huɗu ma tsoka ɗaya gare ta, mai sa ido ya dubi ƙasa lokacin da ya karkata wajen hanci. Sauran tsokoki huɗu na jijiya ta uku ne, kuma ita ce ke ɗaga fatar ido ta sama, ita ce ke tsuke ɗigon baƙin tsakiyar ido idan haske ya buge shi.

Idan ta shida ta lalace, idon ba ya iya fita waje, sai tsokar da ke jansa ciki ta yi rinjaye, a ga harara-garke ta ɓullo wa wanda a da ba shi da ita. Mutumin yana ganin abu biyu gefe da gefe, abin ya fi tsanani idan ya dubi ɓangaren da ke da ciwon ko ya hangi nesa. Amma a nan akwai tarko. Wannan jijiya siririya ce mai doguwar tafiya a gindin ƙoƙon kai, don haka duk abin da ya ƙara matsi a cikin kai yana iya miƙe ta, ko da yana nesa da ita. Yaron da ya zo da zazzaɓi, wuya a sanƙare, ido ɗaya ya karkato ciki, ba ciwon ido gare shi ba. Alama ce cewa matsi ya hau a cikin kai, kuma gaggawa ce.

Idan ta uku ta lalace gaba ɗaya, fatar ido takan faɗo ta rufe idon. Ka ɗaga ta da yatsa, sai ka tarar idon ya koma waje ya ɗan dubi ƙasa, domin tsokoki biyu kaɗai suka rage, ta jijiya ta shida da ta jijiya ta huɗu, kuma can suke jansa. Daga nan sai a haska ɗigon idon da tocila. Zarurrukan da ke tsuke shi suna bin bayan jijiyar ne, kamar riga, don haka abin da ya danne ta daga waje su yake fara taɓawa. Wanda ya bugu a kai, hankalinsa na dusashewa, ɗigon idonsa ɗaya na buɗewa ba ya jin haske, jini ne ke taruwa a cikin kansa yana danne jijiyar, kuma sai a tura shi inda ake aikin tiyata ba tare da jira ba. Dattijo mai ciwon suga ko hawan jini kuwa, ƙananan hanyoyin jinin tsakiyar jijiyar ne ke toshewa, sai fatar ido ta faɗo amma ɗigon ya ci gaba da aiki. Irin wannan yakan warware cikin kimanin wata uku, ko da yake shi ma yana buƙatar likita ya bi shi.

Jijiya ta huɗu ba ta da hayaniya. Mai ciwonta yana ganin abu biyu, ɗaya bisa ɗaya, musamman idan ya sunkuyar da ido zai yi karatu ko zai sauka daga matakala. Yakan karkatar da kai zuwa kafaɗar ɓangaren da ke lafiya don hotunan su haɗu. Idan tambaya ta ambaci karkatar kai da wahalar duban ƙasa bayan bugun kai, ita ake nufi.

Fuska: a dubi goshi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita ido da ba ya buɗuwa da ido da ba ya rufuwa. Jijiya ta uku ke buɗe ido, ta bakwai ke rufe shi. Ta bakwai ce ke motsa dukan tsokokin fuska: ɗaga gira, runtse ido, hura kumatu, murmushi. Charles Bell, likitan Sikotland, ya yi bayanin aikinta a 1821, shi ya sa ake kiran shanyewar fuskar da ke zuwa haka kawai da sunansa.

A ƙauyukanmu, wanda ya tashi da karkataccen baki akan ce iska ce ta buge shi. Ma'aikacin lafiya kuwa abu ɗaya zai fara nema: ya ce masa ya ɗaga gira. Tsokokin goshi suna samun umarni daga ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa, na ƙasan fuska kuma daga ɓangare ɗaya kawai, wanda ke ƙetare. Idan jijiyar kanta ce ta lalace, duk umarnin ya yanke: goshin wannan ɓangare ya yi sumul ba tamoji, ido ba ya rufuwa, baki ya ja zuwa ɓangaren lafiya. Idan kuma ɓarnar a cikin ƙwaƙwalwa take, kamar a shanyewar ɓarin jiki, goshi yana tattaruwa, ido yana rufuwa, ƙasan fuska kaɗai ya saki. A nan sai a duba hannu da ƙafa da magana, a auna hawan jini.

Bambancin yana sauya magani. Shanyewar Bell takan warware gaba ɗaya a wajen kusan kashi 70 cikin ɗari ko ba magani, kuma firednizolon yana ƙara wannan rabo idan an fara shi cikin awa 72 na farko. Abin da ba ya jira shi ne ido: wanda ba ya rufuwa yana bushewa, ƙurar hunturu ta shiga, gyambo ya fito a kan gilashinsa. Sai a sa masa man ido a rufe shi da dare. Kafin a ce Bell ce kuma, a leƙa kunne ko yana zubar da mugunya, a taɓa gaban kunne ko akwai ƙari, a duba fata ko akwai tabon kuturta, domin jijiyar tana ratsa ƙashin kunne ta fito ta gabansa.

Harshe kuwa na jijiya ta goma sha biyu ne. Tsokar kowane ɓangare tura harshe take yi gaba da ƙetare. Idan ta dama ta shanye, ta hagu ta tura ba mai mayar mata, sai harshen ya karkata dama. Wato harshe yana nuna ɓangaren da jijiyarsa ta lalace, saɓanin baki da ke guduwa zuwa ɓangaren lafiya, domin shi jansa ake yi.

Hannu: jijiyoyi uku da gwaji uku

Daga gwiwar hannu zuwa yatsu, jijiyoyi uku ne suka raba aiki. Radiyal ita ce mai miƙewa: gwiwar hannu, wuyan hannu, gindin yatsu da babban yatsa. Midiyan ita ce mai damƙa: tana lanƙwasa babban yatsa da manuni, tana kuma ɗago babban yatsa daga tafi ya fuskanci sauran. Ulna ita ce mai ƙananan tsokokin cikin hannu, masu ware yatsu da haɗa su. Cikin minti ɗaya ana gwada dukansu. Ka ce wa mutum ya ɗaga wuyan hannu da babban yatsa sama, radiyal ke nan. Ya haɗa kan babban yatsa da kan manuni su yi zobe, midiyan ke nan. Ya ware yatsunsa kana matse su, ulna ke nan. Sannan a tabbatar da ji a wurare uku da kowace jijiya ta keɓanta da su: bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni, cikin kan manuni, da kan ƙaramin yatsa.

Midiyan tana nuna amfanin tambaya ta huɗu a fili. Yaron da ya faɗo daga mangwaro ya karye dab da saman gwiwar hannu, idan jijiyar ta taɓu a can, ba ya iya yin zoben: yatsun biyu sai su haɗu a miƙe. In ka ce ya dunƙule hannu, manuni ya tsaya a miƙe, na tsakiya ya ɗan lanƙwasa. Amma wanda kwalba ko lauje ya yanka a wuyan hannu, rassan da ke lanƙwasa yatsu sun riga sun fita tun daga sama, don haka yana iya dunƙule hannu. Abin da ya rasa shi ne ɗago babban yatsa daga tafi, kuma bayan 'yan watanni tudun da ke gindin yatsan ya lotsa.

Tambaya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki tambaya irin ta jarrabawa mu warware ta. Saurayi ɗan shekara 24, ɗan kabu-kabu, ya faɗi da babur a hanyar Ɗan Isa. Ƙashin damtsensa na dama ya karye a tsakiya. An kai shi wajen maɗori, an ɗaure da karare. Bayan mako uku ya zo asibiti yana cewa hannun ba ya riƙe komai. Da ya miƙa hannun, tafi na kallon ƙasa, sai hannun ya rataya daga wuyansa.

Tambaya ta farko: me ya ɓace? Ba ya ɗaga wuyan hannu, ba ya miƙe yatsu daga gindinsu, ba ya ɗaga babban yatsa. Duka miƙewa ne, kuma tsokokinsu suna bayan sangalin hannu, duka na radiyal. Amma kukan da ya zo da shi raunin riƙo ne, wanda zai iya jan hankali zuwa midiyan ko ulna. Gwaji ɗaya ke warware wannan. Ka tallafe masa wuyan hannun ka ɗaga shi sama, ka ba shi yatsunka biyu ya matse. Riƙon zai dawo da ƙarfi, domin tsokokin damƙa lafiyarsu ƙalau, sai dai ba sa iya aiki sosai idan wuyan hannu ya faɗi, agarorinsu sun yi sako-sako. Haka ma ware yatsu: a iska zai yi kamar ya raunana, amma ka shimfiɗa hannun a kan tebur ka sake gwadawa, za ka ga ulna ba ta taɓu ba.

Yanzu wurin raunin. Radiyal tana fitowa daga hammata, ta zagaya bayan ƙashin damtse tana manne da shi, ta ɓullo ta gefen waje sama da gwiwar hannu, sannan ta rabu biyu: reshen ji da reshen da ke nutsewa cikin tsokokin bayan sangali. Tasha uku ke nan. Idan raunin a hammata yake, kamar wanda ya daɗe yana rataya nauyinsa a kan sandar guragu, har tsokar bayan damtse mai miƙe gwiwar hannu za ta raunana. Saurayinmu yana miƙe gwiwarsa, don haka raunin yana ƙasa da hammata. Idan kuma reshen da ke nutsewa ne kaɗai ya taɓu, ƙasa da gwiwa, yatsu za su faɗi amma wuyan hannu zai ɗagu yana karkata wajen babban yatsa, kuma ji ba zai ɓace ba. Shi wuyan hannunsa ya faɗi gaba ɗaya, tsokar da ke tasowa a gefen sangali idan an lanƙwasa gwiwa babban yatsa na sama ba ta tashi, ga kuma mutuwar fata a bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuni. Amsa: radiyal ta dama, a bayan tsakiyar ƙashin damtse, daidai wurin karayar.

Akwai dabarar da ke ruɗar mai gwaji. Saurayin zai iya miƙe gaɓoɓin tsakiya da na ƙarshen yatsunsa, domin ƙananan tsokokin cikin hannu ne ke wannan aiki, kuma ba na radiyal ba ne. Wanda ya ga haka ya ce jijiyar ta fara warkewa ya yi kuskure. Gindin yatsu ake dubawa.

Saura tambayar da jarrabawa ba ta cika yi ba, amma majiyyaci zai yi: yaushe hannun zai dawo? Kusan ɗaya cikin goma na karayar tsakiyar damtse na zuwa da wannan shanyewa, kuma mafi yawansu suna warwarewa ba tiyata. Idan jijiyar ta dannu ne kawai, makonni sun isa. Idan zarurrukanta sun mutu amma rigarta na nan, sai sun sake tsirowa, kuma suna tafiyar kusan milimita ɗaya a rana. In tsakanin karayar da tsoka ta farko da ke ƙasa santimita 10 ne, kwana ɗari ke nan, sai a ƙara 'yan makonnin da tsiron ke ɗauka kafin ya fara. Tsokokin suna farfaɗowa bi da bi daga sama: ta gefen sangali, sannan wuyan hannu, sannan yatsu. Kafin nan a sa masa abin tallafe wuyan hannu, a riƙa motsa gaɓoɓin kullum don kada su ƙage. Idan wata huɗu ya wuce ba alamar motsi, a tura shi ga likitan ƙashi. Sannan a tambaye shi ko hannun ya faɗi ne tun ranar hatsarin ko bayan ɗaurin, domin ɗauri mai tsanani shi ma yana danne jijiya, har ya hana jini gudana.

Abin da kuturta ke koyarwa game da ulna

Babu inda ake karanta jijiya daga motsi kullum kamar wajen masu kula da kuturta. Ƙwayar cutar, wadda Hansen ya gano a Norway a 1873, tana son wurare masu sanyi, don haka tana kama jijiya inda ta matso kusa da fata: ulna a bayan gwiwar hannu, midiyan a wuyan hannu, rassan jijiya ta bakwai a kan ƙashin kumatu. Gwajin da ake yi wa majiyyaci a kai a kai motsi biyar ne: runtse ido, fitar da ƙaramin yatsa gefe, ɗago babban yatsa, ɗaga wuyan hannu, ɗaga ƙafa. Ana gwada ji da kan biro a tafin hannu da tafin ƙafa. Dalilin nacin shi ne lokaci: raunin da bai wuce wata shida ba yana iya dawowa da firednizolon, wanda ya daɗe kuwa da wuya. Haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta tun 1995 yana kashe ƙwayar, amma ba ya tayar da jijiyar da ta riga ta mutu.

Idan ulna ta lalace, ƙaramin yatsa da na zobe suna ƙanƙamewa: gindinsu ya tanƙware baya, gaɓoɓinsu su lanƙwashe gaba. Ƙa'idar abokiyar ja ce ke aiki, domin ƙananan tsokokin da ke daidaita yatsun sun tafi, dogayen sun ja kowa nasa wuri. Daga nan ne abin mamakin da masu jarrabawa ke so ya fito: yankan ulna a wuyan hannu ya fi ƙanƙame yatsu fiye da yankanta a gwiwa. A gwiwa har doguwar tsokar da ke lanƙwasa kan waɗannan yatsu biyu ta shanye, ba mai jansu sosai. A wuyan hannu tana nan da ƙarfinta. Ji ma yana taimakawa: reshen da ke ba bayan hannu ji ta gefen ƙaramin yatsa yana fita sama da wuyan hannu, don haka yakan tsira idan raunin a wuyan yake. Gwajin Froment kuma takarda kawai yake buƙata: mutum ya maƙale ta tsakanin babban yatsa da gefen manuni, ka ja. Idan ya lanƙwasa kan babban yatsan don ya riƙe, ya aro ƙarfin midiyan ne saboda tsokar ulna ta gaza.

Sai dai wannan ƙa'ida ta yanka cikakke ce. A kuturta, ko da ɓarnar a gwiwa take, ba dukan zarurruka ke mutuwa lokaci ɗaya ba. Na ƙananan tsokokin hannu sukan riga, shi ya sa ake ganin yatsu a ƙanƙame sosai duk da cewa jijiyar a gwiwa ta kumbura. A lalubo ta da yatsa a bayan gwiwar, a ji kaurinta da zafinta.

Inda lissafin ke iya ɓata

Ba kowane motsin da ya ɓace ne laifin jijiya ba. Zafin karaya yana hana motsi, agarar da wuƙa ta yanke tana hana shi, gaɓar da ta ƙage ma haka. Saboda haka sai mai gwaji ya motsa gaɓar da hannunsa ya ga tana tafiya, ya ɗora yatsa a kan tsokar ya ji ko tana tashi, ya ga kuma ko mutuwar fata ta dace da jijiyar da yake zargi. Ya rubuta ƙarfin kowace tsoka a ma'aunin 0 zuwa 5, inda 3 ke nufin tana iya ɗaga gaɓar amma ba ta jure turi, don wanda zai duba wata mai zuwa ya san ko an ci gaba.

Idan kuma abin da ya ɓace ya ƙetare iyakar jijiya ɗaya, a hau sama. Wanda kafaɗarsa ta goce ya kasa ɗaga hannu gefe, fatar gefen kafaɗar ta mutu, jijiyar aksilari kaɗai ce. Amma jaririn da aka sha wahalar fitar da kafaɗarsa wajen haihuwa, ko mai babur da ya faɗi kan kafaɗa kansa ya tanƙware ɗaya gefen, yakan rasa ɗaga hannu gefe, da juya shi waje, da lanƙwasa gwiwa gaba ɗaya, alhali yatsu na motsi. Waɗannan ayyukan jijiyoyi daban-daban ne, kuma inda suka haɗu shi ne saiwa ta biyar da ta shida a wuya. Idan hannu da ƙasan fuska da ƙafa suka raunana a ɓangare ɗaya, ba a hannu matsalar take ba, a ƙwaƙwalwa take.

Ga ɗalibi, shawarar ita ce kada ya taɓa amsa irin wannan tambaya kafin ya ja layi a ƙarƙashin motsin da aka ce yana nan, domin mai tambaya bai sa shi a banza ba. Ga ma'aikacin asibitin karkara, ya gwada jijiyoyi ukun nan ya rubuta sakamakon kafin a ɗaure kowace karayar hannu, ya sake gwadawa bayan an ɗaure. Ga iyaye da maɗora kuma, yatsun da suka daina motsi ko suka mutu bayan ɗauri ba alamar ɗori na kamawa ba ne. A sassauta ɗaurin, a kai mutum asibiti a ranar.